Kafin Ka Biya Kuɗin Fili: Yadda Ake Karanta Takardar Ciniki da Rasit, da Abin da Za a Bincika a Ma'aikatar Ƙasa

A yawancin garuruwanmu cinikin fili yakan ƙare cikin yini guda. Dillali ya kai mai saye ya ga wuri, a yi tayi, mai fili ya ce ya sallama, a nemo mai unguwa da shaidu biyu ko uku, a rubuta takarda, a biya, a cire la'ada, a yi addu'a a watse. Mai saye ya koma gida da takardu biyu, takardar ciniki da rasit, yana ganin ya mallaki fili. Sau da yawa kuwa ya mallaka ɗin. Amma idan aka samu akasi, ba a ranar ake ganewa ba. Sai bayan shekaru, ranar da aka sauke yashi da bulo, wani ya ɓullo da tasa takardar.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, takardar ciniki ba ta ƙirƙirar mallaka. Aikinta ta ɗauko haƙƙin da ke hannun mai sayarwa ta miƙa wa mai saye. Idan mai sayarwa ba shi da komai a filin, takardar ba ta miƙa komai ba, ko da lauya ne ya rubuta ta, ko da hatimi goma aka buga mata. Saboda haka duk binciken da za a yi, a kan takarda ne ko a ma'aikatar ƙasa, tambaya ɗaya yake bi: wannan mutumin da zai karɓi kuɗina, me ya mallaka a nan, ta wace hanya ya same shi, kuma yana da ikon sayarwa a yau?

Abin da ake saya a zahiri

Tun daga ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ma a kan wannan tsari take. Abin da mutum yake riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani da wurin. A cikin birni gwamna ne ke ba da wannan haƙƙi, kuma satifiket ɗin da ake bayarwa na gidan zama yawanci na shekara 99 ne. A wajen yankin da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma na iya ba da haƙƙi irin na gargajiya.

Sashe na 22 na dokar ya ce wanda yake riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da sahalewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi saɓanin dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta nuna ba da wasa aka rubuta wannan ba a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka yi ba tare da sahalewar gwamna ba. Daga baya, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta fayyace cewa ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya kafin a samu sahalewar, sai dai cinikin bai kammala ba sai an same ta. Ke nan takardar cinikin da ke hannunka matakin farko ce. Mallaka ba ta koma sunanka a idon hukuma sai an rubuta takardar miƙa haƙƙi, gwamna ko wanda ya wakilta ya sa hannu, an biya harajin hatimi, an yi rajista.

Mu ɗauki misali mu bi shi

Mu ɗauka wata malamar asibiti ce a Kano ta tara kuɗi tana son fuloti. Dillali ya nuna mata wani mai ƙafa 50 a 100 a cikin awon gwamnati, aka daidaita a kan naira miliyan 8. Wanda zai sayar ya zo da hoton satifiket, ya kuma zo da takardar ciniki da aka riga aka buga, saura sa hannu. Dillali ya ce ta ba da miliyan 5 yau a rubuta mata rasit, sauran kuma bayan wata guda, domin akwai wani da ke neman wurin.

Abu na farko da za ta yi shi ne ta ajiye takardu uku a jere: satifiket, takardar ciniki, da katin shaidar ɗan ƙasa na mai sayarwa. Sai ta duba suna. A misalinmu sunan da ke kan satifiket daban, na mai sayarwa daban, sai dai sunan mai satifiket ne ya zo a matsayin sunan mahaifinsa. Da aka tambaya, sai ya ce ai filin mahaifinsu ne, Allah ya yi masa rasuwa, shi ne babba a gidan, kuma 'yan'uwa duk sun yarda.

A nan ne cinikin ya kamata ya tsaya cak, domin zama babban ɗa ba ya ba mutum ikon sayar da gado. Mu ce marigayin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. A rabon gado na Musulunci, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran kashi bakwai 'ya'ya ne za su raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka auna da kuɗin filin, matar tana da miliyan 1, kowane ɗa namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Wanda ke zaune a gabanta yana shirin karɓar miliyan 8, abin da ya mallaka a filin bai wuce na miliyan 2 ba. Ragowar miliyan 6 haƙƙin mutum biyar ne da ba ta gan su ba. Ko rabonsa kaɗai ya sayar mata, a mazhabar Malikiyya abokan tarayya a cikin ƙasar da ba a raba ba suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin da baƙo ya biya su karɓe rabon.

Maganin wannan ba ya wuce ɗaya daga cikin biyu. Ko dai a kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a wadda ta nuna filin ya faɗo a rabon mai sayarwa shi kaɗai, a kuma je kotun a tabbatar da lambar shari'ar tana cikin kundinsu, ko kuma kowane magaji ya bayyana da kansa ya sa hannu. Ina jaddada “da kansa” saboda matan aure da ke wani gari su ne aka fi sa wa hannu a bayan idonsu, kuma su ne daga baya 'ya'yansu ke tayar da magana. Idan akwai maraya ƙarami a cikin magada, ba a taɓa rabonsa sai ta hannun waliyyinsa, kuma abin da ya fi aminci shi ne a samu izinin alƙali a rubuce. Ga iyalan da ba tsarin Musulunci suke bi ba, abin da za a nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, kuma waɗanda aka ambata a cikinta su ne masu sa hannu.

Haka batun yake idan mai sayarwa ya ce shi ma saya ya yi. Sai a nemi takardar da ta haɗa shi da mai satifiket. Idan filin ya bi ta hannun mutum huɗu, takarda huɗu ake son gani, kowace tana karɓa daga wadda ta gabace ta, da kwanan wata a jere. Duk inda aka samu giɓi, alal misali mutum na uku ya sayar a 2011 alhali takardar da ta ba shi filin ta 2013 ce, to akwai abin tambaya.

Akwai kuma masu zuwa da takardar wakilci, wadda ta yawaita a cinikin filaye musamman a Abuja, saboda mutane na gudun kuɗin sahalewar hukuma. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka. Izini ne kawai na yin wani abu a madadin mai shi. Don haka a karanta ta a gani ko ta ambaci ikon sayarwa ƙarara, ko kuwa kula da wuri da karɓar haya kawai ta ce. A kuma tabbatar wanda ya ba da ita yana raye, domin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da rasuwar mai shi.

Sauran abin da ke jikin takardar

Bayan suna sai bayanin filin kansa. Takardar da ta ce “fili ɗaya da ke unguwa kaza” ba ta bayyana komai ba, domin unguwar na da filaye ɗaruruwa. A awon gwamnati dole a ga lambar fuloti, lambar taswirar awon, lambar fayil da lambar satifiket, kuma su zo daidai harafi da harafi da abin da ke kan satifiket. A filin da ba na awon gwamnati ba, a rubuta tsawo da faɗi, da maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa. Girman ma a lissafa shi. Ƙafa 50 a 100 ya kama murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Idan satifiket ya ce 465 amma abin da aka nuna maka a ƙasa ya kai 600, kada ka yi murna da gyara. Mai yiwuwa an ci hanya ko an shiga filin maƙwabci, kuma ranar da hukumar tsara birni ta zo, katangarka ce za ta sha jan fenti.

Sai kuɗi. A rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, su dace da juna. A faɗi nawa aka biya, nawa ya rage, yaushe za a cika, da abin da zai faru idan ba a cika ba ko kuma idan bincike ya nuna filin na da matsala. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi yawan takardunmu ba su da ita, alhali ita ce za ta dawo wa mai saye da kuɗinsa ba tare da doguwar jayayya ba. Wasu kuma sukan rage kuɗin da aka rubuta don harajin ya yi sauƙi. Wanda ya biya miliyan 8 ya yarda aka rubuta miliyan 3, ya sani cewa idan ciniki ya warware, miliyan 3 ce takardarsa za ta iya nema masa, ban da laifin da ya jawo wa kansa.

A duba gyare-gyare. Duk inda aka goge, aka shafa farin ruwa, ko aka ƙara kalma da wani alƙalami daban, musamman a kan suna, lambar fuloti, kuɗi ko kwanan wata, ya kamata a ga sa hannun ɓangarorin biyu a gefensa. In babu, a sake buga takardar gaba ɗaya. Idan shafukan sun wuce ɗaya, a sa hannu a kowane shafi, saboda sauya shafin tsakiya abu ne mai sauƙi. Kwanan wata ma yana tona asiri. Takardar da aka ce an rubuta a 1998 amma tana ɗauke da lambar wayar salula mai lamba goma sha ɗaya ƙarya ce, tunda layukan salula irin na yau sai a 2001 suka fara aiki a Nijeriya. Haka wadda aka ce ta 1985 ce amma ta ambaci Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991, ko hatimin mai unguwar da bai hau sarauta ba a shekarar da aka rubuta.

Shaidu su zama mutanen da za a iya nemowa, da cikakken suna, adireshi da lambar waya, kuma kowane ɓangare ya kawo nasa. Dillali yana iya zama shaida, amma kada ya zama shi kaɗai, domin la'adarsa na rataye da cinikin.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne mai sayarwar da bai iya karanta harshen da aka rubuta takardar da shi ba. Dattijo ya dangwala yatsa a kan takardar Turanci, bayan shekara biyar shi ko magadansa su ce jingina aka ce masa, ba sayarwa ba. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta tanadi cewa wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, kuma a nuna an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Idan ka ga dangwale babu wannan bayani da sunan tafinta, ka nemi a gyara tun kowa na zaune. Idan kuma lauya ne ya shirya takardar, a ga sunansa shi kansa da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi. Idan kamfani ne ke sayarwa, a bincika rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni, a tabbatar masu sa hannun daraktocinsa ne.

Rasit

Mu koma ga malamar asibiti da miliyan 5 ɗinta. Rasit ɗin da dillali ya ciro irin na kasuwa ne da ake sayarwa a ɗaure, ya rubuta “an karɓi miliyan biyar kuɗin fili”, ya sa hannunsa. Wannan rasit yana da illa uku. Bai faɗi wane fili ba. Bai faɗi ko kuɗin kafin alƙalami ne ko cikakken biya ba. Sannan wanda ya sa hannu ba shi ne mai fili ba, don haka gobe mai fili na iya cewa shi bai ga ko sisi ba, kuma takardar ba za ta ƙaryata shi ba. Rasit mai amfani yana ɗauke da sunan mai biya, sunan mai karɓa, bayanin filin daidai da na takardar ciniki, jimillar kuɗin ciniki, abin da aka biya, abin da ya rage, kwanan wata, da sa hannun mai fili da shaidu.

Kuɗin kuma ya bi ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, a rubuta lambar fuloti a wurin bayanin tura kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma sama da miliyan 10. Idan aka ce ka tura asusun ƙane ko na yaron shago, a rubuta wannan umarni a takarda mai fili ya sa hannu.

Kada a raina rasit, kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Kotunan Nijeriya sun daɗe a kan cewa wanda ya biya kuɗi, yana da shaidar biya, kuma aka damƙa masa filin ya shiga, ya samu wani haƙƙi da kotu ke karewa ko da bai yi rajista ba. Amma wannan haƙƙi yana iya faɗuwa a gaban wanda ya saya daga baya da zuciya ɗaya, bai san da cinikin farko ba, ya kuma kammala takardunsa. Shi ya sa mai rasit da ya bar fili fetal, babu katanga babu alama, ya fi kowa zama cikin haɗari.

A ma'aikatar ƙasa

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya yin sa a zaure. Amma takardar jabu da gwani ya buga tana iya tsallake duk wannan, kuma akwai abubuwan da ba sa taɓa bayyana a jikin takardar da ke hannun mai sayarwa. Wannan ne dalilin zuwa inda fayil yake. A Kano akwai ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Nasarawa NAGIS, a Abuja AGIS. Ana rubuta takardar neman bincike, a haɗa da hoton satifiket, a biya kuɗin da hukuma ta ƙayyade a karɓi rasit na gwamnati. Wasu ofisoshin suna neman takardar amincewar mai filin, wanda hakan ma gwaji ne: mai sayarwar da ya ƙi ba da izinin a duba fayil ɗinsa ya riga ya ba ka amsa. Abin da za ka fito da shi rahoto ne a rubuce mai hatimin ofis. Maganar baka daga wani ma'aikaci da dillali ya sani, wanda ya leƙa ya ce “lafiya lau ne”, ba ta da wani amfani ranar shari'a. Kuma kai ko lauyanka ne za ku nema, ba dillali ba.

Tambaya ta farko ita ce ko fayil ɗin yana nan, kuma sunan wa yake ɗauke da shi a yau. A bayan satifiket na gaskiya akwai bayanin rajista, wato lamba kaza, shafi kaza, kundi kaza. A buɗe wannan kundi a ga ko kwafin da ke ciki ya dace da wanda aka nuna maka: suna, lambar fuloti, girma, ranar da aka bayar, da hoton mai shi inda akwai. Masu buga jabu sukan ɗauki lambar fayil ta gaskiya su ɗora wani suna, ko su ɗauki takardar wani fuloti su sauya lamba. Ta wannan kwatance kaɗai ake kama su.

Ta biyu, me aka rubuta a kan filin tun bayan ba da shi? A nan ake ganin ko an taɓa sayar da shi an yi rajista da sunan wani, ko an jinginar da shi ga banki, ko kotu ta sa masa takunkumi, ko wani ya shigar da ƙorafin a dakatar da duk wani ciniki a kansa. A misalinmu, mu ce rahoto ya nuna marigayin ya jinginar da filin ga banki a 2009, kuma babu takardar sakin jingina a fayil. Yanzu an gane dalilin da ya sa hoton satifiket kawai ake ta nunawa: na ainihin yana ma'ajiyar banki. Ko da magada sun rantse an biya bashin, sai banki ya rubuta takardar saki an yi mata rajista kafin filin ya kuɓuta. Wannan ya sa nake ganin bai kamata a biya ko kafin alƙalami ba sai an riƙe satifiket na ainihi a hannu an jujjuya shi. Idan aka ce ya ɓata ko gobara ta cinye, to a fayil za a ga rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa da sanarwar jarida, tare da kwafin da hukuma ta tabbatar. In babu ko ɗaya, labarin ɓata labari ne kawai.

Ta uku, haƙƙin yana raye? Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka saboda buƙatar jama'a, kamar hanya ko makaranta, ko saboda saɓa sharuɗɗan da aka ba da filin a kansu. Satifiket ɗin da aka soke yana nan da kyansa a hannun mai shi, babu abin da zai nuna maka a jikinsa. A duba bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, domin idan ya taru mai saye ne zai tarar da shi, gara a cire daga kuɗin ciniki. A duba shekarun da suka rage, da abin da aka ba da filin dominsa, saboda fulotin gidan zama ba ya zama gidan mai ko makaranta sai an nemi canji. Jihohi da dama kuma sun yi aikin sabunta takardun filaye, Kano ma ta ƙaddamar da nata a ƙarshen 2024, don haka a tambaya ko an sabunta wannan.

Ta huɗu ba a ofis ake amsa ta ba. Fayil na iya zama lafiya ƙalau, amma filin da aka nuna maka ba shi ne na cikin fayil ɗin ba. Ana nuna wa mutum fuloti na bakin titi a sayar masa da takardar na can ciki kusa da kwari. Sai ka ɗauki safiyo mai rajista, wanda kai ka biya shi, ya je ya nemo duwatsun awo na kusurwoyi, ya karanta lambobinsu, ya ɗauki ma'aunin wurin da na'ura, a ɗora a kan taswirar ofishin babban safiyo na jiha. A nan ne kuma za a ga ko wurin ya faɗa ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Layin da ke ɗauke da kilobolt 330 yana buƙatar a bar mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15.

Awon igiya

Mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi ba a awon gwamnati suke saye ba. Gona ce mai ita ya yanka fuloti-fuloti, abin da ake kira awon igiya, kuma takardar da ake samu ita ce ta mai unguwa ko dagaci. Irin wannan fili ba shi da fayil, don haka wasu ke cewa zuwa ma'aikata ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne, tambayar ce kawai ta sauya. Abin da za ka kai shi ne ma'aunin da safiyo ya ɗauko, a duba maka ko gwamnati ta riga ta karɓi wannan gona ta biya diyya, ko wurin yana cikin wani awo da aka zana ba a fitar ba tukuna, ko an taɓa ba wani satifiket a kansa, ko kuma an ware shi don hanya, makabarta ko makaranta. Yakan faru manomi ya karɓi diyya, shekaru su wuce gwamnati ba ta fara aiki ba, shi ko 'ya'yansa su yanka gonar su sayar.

Hatimin mai unguwa yana da daraja, domin shi ya san gonar wane ce, wa ya gada, wa ya taɓa saya. Amma shaida ne, ba mai ba da mallaka ba, kuma ba kowane mai unguwa ne ke ajiye kundin cinikin da aka yi a gabansa ba. Takardar ƙaramar hukuma ma ba ta da ƙarfi a kan filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni. A Abuja abin ya fi tsanani, domin Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Madu da Madu ta 2008 cewa ministan babban birnin ne ke da ikon ba da fili a can.

Ko satifiket kansa yana da iyaka. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce satifiket ba hujja ce da ba a iya turewa ba: idan wani yana da haƙƙi a kan filin tun da farko kuma ba a soke shi ba, satifiket ɗin da aka ba na biyu ba ya kore shi. Haka nan shari'ar da ke gaban kotu ba lallai ta bayyana a fayil ba, sai idan wani ya kai sanarwa. Saboda haka bayan ofis sai a koma unguwa ba tare da dillali ba, a gaisa da maƙwabtan filin ta kowane gefe, a tambaye su na wane ne, wa ke noma shi da damina, ko an taɓa jin rigima a kansa. Wanda ke shuka gyaɗa ko ya kafa rumfa a wurin, a tambaye shi wa ya ba shi izini.

Ga malamar asibitinmu, hanyar da ta rage a fili take. Ba za ta ba da miliyan 5 a ranar ba. Idan magada na son cinikin da gaske, su kawo takardar saki daga banki da satifiket na ainihi, su zo su shida ko su kawo takardar kotu, sannan lauyanta ya rubuta sabuwar takarda da ta ambaci kowa da rabonsa. Ta biya ta banki, a damƙa mata filin a gaban shaidu da mai unguwa, ta zagaye shi ko da da bulo layi uku ne. Daga nan ta shigar da takardar neman sahalewar gwamna ba tare da jinkiri ba, tun masu sayarwa suna kusa kuma suna raye, domin ma'aikata za ta nemi sa hannunsu, kuma sai an mayar da fayil ɗin daga sunan marigayin kafin ya iso sunanta.